Bama, kirim ɗin salak da kecaf: wanne za a ɗora a sikeli, wanne ƙiyasi ya ishe shi?

Mai rubuta abin da ya ci don rage ƙiba ba ya mantawa da shinkafa. Ba ya mantawa da cinyar kaza, ko biredi, ko lemon kwalba. Abin da ke zamewa shi ne wanda ba a ɗaukarsa abinci: cokalin bama da aka juya cikin kabeji, kirim ɗin da aka tsiyaya a kan latas, kecaf ɗin da aka matsa a gefen soyayyen dankali. Ana cewa "na ci salak" sai a rufe littafi, alhali a yawancin salak ɗin da ake haɗawa a gidajenmu da wuraren biki, ganyen shi ne ƙaramin ɓangare na lissafin.

Amma kuskure ne a haɗa ukun a buhu ɗaya a ce duk a guje su, ko duk a auna su da tsanani iri ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu babba ce ƙwarai, kuma wanda ya gane ta zai san inda zai kashe ƙoƙarinsa da inda zai saki jiki. Zaɓi biyu ne a gaban mai lissafi: wane mahaɗi zai sa a abincinsa, kuma ta wace hanya zai rubuta shi.

Abin da ya raba su mai ne

Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9. Giram ɗaya na sukari ko sitaci yana ba da 4. Ruwa ba ya ba da komai. Da waɗannan lambobi uku kaɗai za a iya hasashen matsayin kowane mahaɗi tun kafin a karanta jikin kwalbarsa.

Mayonis, wadda kusan kowa a Najeriya yake kira bama saboda sunan samfurin da ya fi yaɗuwa, mai ce da aka kaɗa da kwanduwar ƙwai da ɗan ruwan tsami har ta kama jikinta. Farinta da laushinta ne ke ruɗar ido, sai a ɗauke ta kamar dangin madara. A dokar abinci ta Amurka, ba a yarda a kira abu mayonis ba sai man da ke cikinsa ya kai kashi 65 cikin ɗari na nauyinsa, kuma sanannun samfura sukan wuce haka, su kai kashi 75 ko fiye. Shi ya sa giram 100 na cikakkiyar mayonis ke kaiwa kalori 680 zuwa 720. Babban cokali guda, shafaffe, wanda nauyinsa ya kai giram 14, yana ɗauke da kalori 90 zuwa 100. Man gyaɗa zalla a cokali iri ɗaya yana da kusan 120. Wato tsakanin cokalin bama da cokalin mai zalla babu wata tazarar kirki. Matar da ba za ta taɓa yarda ta kwarara mai cokali huɗu a kan kabejinta ba, tana iya zuba bama cokali biyar hankalinta kwance.

Kecaf kuma tumatir ne da sukari da ruwan tsami da gishiri. Mai kusan babu. Giram 100 yana da kalori wajen 100, babban cokali guda kuma, mai nauyin giram 17, yana da 15 zuwa 20. Idan aka auna su nauyi da nauyi, bama ta ninka kecaf kusan sau bakwai.

Kirim ɗin salak yana tsakiya. Irin na Heinz, wanda aka fara sayarwa a Birtaniya tun 1914, manshi bai kai rabin na mayonis ba, an cike gurbin da ruwa da ruwan tsami da sukari. Giram 100 yana kusa da kalori 300, babban cokali kuma wajen 45. Sauran mahaɗan salak na kwalba da ake samu a manyan kantuna sun bazu ko'ina a tsakanin nan: masu kauri irin ranc da Siza sukan kai kalori 130 zuwa 160 a cokali biyu, domin su ma tushensu mai ne, masu ruwa-ruwa na mai da binega kuma sukan yi ƙasa da haka, gwargwadon yawan man da kamfanin ya sa. A nan suna ba ya gaya maka komai, sai ka juya kwalbar.

Kwano ɗaya, a lissafa shi daga farko

A ɗauki salak irin wanda ake haɗawa a gida ranar da za a ci soyayyar shinkafa, na mutum biyar. An yanka kabeji giram 300, kalorinsa 75. Karas giram 100, kalori 41. Kokwamba giram 200, kalori 30. Dafaffen ƙwai biyu, kalori 155. Waken gwangwani giram 200, wajen kalori 160. Duka-duka kusan 460. A raba biyar, kowa ya tashi da kalori 92. Wannan ita ce lambar da ke cikin kan mai rubutawa idan ya ce "salak", kuma da a nan aka tsaya da gaskiyarsa.

Sai aka ɗauko kwalbar bama. Mai haɗawa ba ta ƙirga cokali, tana zubawa tana juyawa har sai kowane silin kabeji ya yi fari, babu inda ya rage a bushe. Kayan lambu masu yawan nan, kafin su yi irin farin da ido ya saba gani a wurin biki, cin giram 150 ba abin mamaki ba ne. Giram 150 sau 6.8, wato kalorin giram ɗaya na bama, ya ba da kalori 1,020. Kwanon da yake 460 ya koma 1,480. Rabon kowane mutum ya tashi daga 92 zuwa 296, kuma 204 daga ciki na bama ne. Don a ga girman abin: dafaffiyar farar shinkafa giram 100 tana da kalori 130, don haka bamar da ke cikin ɗan rabon salak ɗin nan ta kai shinkafa giram 150 da ɗoriya. Mutum ya rage shinkafarsa da ludayi guda yana jin ya yi ƙoƙari, ya ƙara salak don ya cike cikinsa, ashe abin da ya fitar ta ƙofa ya dawo ta taga.

Yanzu a bar kayan lambun yadda suke, a riƙa canza mahaɗin kawai.

Da kirim ɗin salak giram 150, mahaɗin ya zama kalori 450, kwanon ya zama 910, rabon kowa 182. An rage fiye da kalori 110 a kan kowane mutum. Sai dai kirim yana da halinsa. Ya fi bama ruwa, tsiyaya shi ake yi daga bakin kwalba, kuma hannu ya fi sakin jiki wajen tsiyaya fiye da ɗiba da cokali. Wanda ya san ya koma "mai sauƙi" yakan ƙara zubawa. Idan giram 150 ya zama 250, kalorin ya koma 750, fiye da rabin ribar ya narke. Ga kuma zaƙi da tsaminsa, wanda ba kowa ke so ba. Wasu na ganin yana danne ɗanɗanon ƙwai da wake.

Da mayonis mai rangwamen mai, wadda giram 100 nata ke tsakanin kalori 250 zuwa 300, lissafin ya yi kusa da na kirim, wajen 400 a giram 150. Fifikonta shi ne kauri da kamanni na bama sak, don an maye gurbin man da ruwa da sitaci. Raunin ta kuma biyu ne: ba kowane shago ake samunta ba, kuma kalmar rangwame a jikin kwalba ba lamba ba ce. Wani samfurin ya rage rabi, wani kashi ɗaya cikin uku kawai.

Da rabi bama rabi yogot marar sukari, giram 75 kowanne: bama 510, yogot wajen 45, jimla 555. Kwanon ya zama 1,015, rabon kowa 203. Bai kai kirim raguwa ba a takarda, amma a ganina ya fi shi amfani a gidan da ake ci tare, domin ɗanɗanon bama yana nan, yara da maigida da wuya su ce an canza musu wani abu. Kindirmo mai kauri ma yana yi. Sharaɗin shi ne ya zama marar sukari, domin yawancin yogot ɗin roba da ake sayarwa a sanyaya an zuba masa sukari. Kuma a haɗa dab da lokacin ci. Idan ya zauna, kabeji da kokwamba suna sakin ruwa, salak ɗin ya tsinke.

Da mai da lemon tsami, a nan ne mutane suka fi ruɗuwa ta ɗaya ɓangaren. Ana jin "man zaitun" sai a ɗauka an tsira. Man zaitun yana da amfaninsa ga lafiyar zuciya, amma kalorinsa daidai yake da na man gyaɗa, kusan 120 a babban cokali, ya ma fi bama. Abin da ke cetonsa shi ne yana yaɗuwa: cokali uku, wajen giram 40, sun isa su game kwanon nan duka idan an kaɗa su da lemon tsami da gishiri, kalori 360 ke nan. Kwanon ya zama 820, rabon kowa 164, mafi ƙanƙanta cikin duk waɗanda aka jera. Amma idan daga galan ake tuttulawa ba tare da cokali ba, cokali uku na iya zama bakwai, a kusa komawa inda aka fito. Haka abin yake ga kwaɗon zogale ko na latas da ake yi da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba ya zuwa a kwalba, ba a kiransa da sunan Turawa, amma mahaɗin salak ne cikakke, kuma garin ƙuli da man da aka yaryaɗa su ne ke ɗauke da mafi yawan kalorin, ba ganyen ba.

Akwai masu sirka bama da kecaf, irin ruwan hodar mahaɗin da ake sa wa shawarma. Bama giram 100 da kecaf 50 sun ba da 730 maimakon 1,020. Ragi ne, amma ƙarami, kuma launin yana sa mutum ya rubuta "kecaf" a manhajar lissafin kalori ta wayarsa alhali kashi biyu cikin uku bama ce.

Kada kuma a ce to a ci ganyen gaya. Sinadaran da ke cikin karas da tumatir da ganye, irin waɗanda jiki ke mayarwa bitamin A, da bitamin E da K, suna buƙatar ɗan mai kafin hanji ya tsotse su da kyau. Kuma salak ɗin da ba ya ciyuwa, kwana uku za a daina yinsa. Manufar ita ce a san adadin man, ba a kore shi ba.

Shi kecaf fa

Laifinsa a lissafin kalori kaɗan ne. Ko mai son sa da gaske, wanda ke lulluɓe dankalinsa har ba a ganin launinsa, da wuya ya wuce giram 60 a zama ɗaya, kalori 60 ke nan, a gefen dankalin da giram 200 nasa ya haura 600. Ɗan ƙaramin ƙunshin da ake bayarwa a gidajen abinci yana da wajen kalori 10. Idan ka manta da shi sau ɗaya, babu abin da ya lalace.

Inda ya kamata a sa masa ido daban ne. Kusan kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sukari ne, don haka giram 60 ɗin nan yana ɗauke da sukari sama da cokalin shayi uku. Gishirinsa kuma yana kusa da giram 2 a kowane giram 100, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar babba ya tsaya ƙasa da giram 5 a yini. Mai ciwon sukari da mai hawan jini su ne ya kamata su rubuta kecaf da kulawa. Mai neman rage nauyi kawai, ƙiyasi ya ishe shi: ya sa cokali biyu ko uku, ya wuce.

Hanyoyin rubutawa, da inda kowace ke yoyo

Hanyar da kowa ke farawa da ita ita ce ƙirga cokali. Tana da sauƙi, ba ta buƙatar sayen komai, kuma ga kecaf da duk wani abu mai ruwa tana aiki daidai gwargwado, domin ruwa ba ya tsayawa sama da bakin cokali. Ga bama kuwa a nan matsalar take. Cokalin da ake nufi a jikin kwalba da cikin manhaja shi ne na awo, mililita 15, an shafe samansa da bayan wuƙa. Cokalin da ake ɗiba da shi a kicin kuwa yana fitowa da tozo, har da wadda ta manne a bayansa, kuma bama tana da kaurin da za ta riƙe tozon ba ta zube ba. Irin wannan ɗiba ɗaya tana iya kai giram 25 zuwa 30, ninki biyu na abin da aka rubuta. Mutum bai yi ƙarya ba, cokali biyu ya sa, cokali biyu ya rubuta, kalori 190. Abin da ya shiga cikinsa ya kusa 380. Wanda zai tsaya a kan cokali, ya sayi na awo ya riƙa shafewa, ko kuma ya ɗauki doka: kowane cokali mai tozo a rubuta shi biyu.

Hanya ta biyu sikelin kicin ne, ɗan ƙarami mai batir da ke nuna giram ɗaya-ɗaya. Masu sabon shiga sukan ɗora faranti su zuba bama a kai, sai su bar wadda ta manne a cokali, wadda a ƙarshe lashewa ake yi. Dabarar da ta fi ita ce a auna kwalbar, ba farantin ba. Ka buɗe murfin, ka ɗora kwalbar a sikeli, ka danna `TARE` ya koma sifili, ka ɗebi abin da za ka ɗiba. Sikelin zai nuna lamba da alamar ragi, misali `-32`. Giram 32 ke nan suka bar kwalbar, ko sun tafi faranti, ko sun tsaya a cokali, ko sun bi ta baki. Ka ninka da 6.8, ka samu wajen 218, ko kuma ka raba kalorin giram 100 da ke jikin taka kwalbar da 100 ka ninka da abin da ya fito. Idan sikelin yana kashe kansa kafin ka gama, rubuta nauyin kwalbar kafin da bayan, ka debe. Duk aikin bai kai minti ɗaya ba, kuma babu ƙarin kwanon wankewa.

Ga abincin da aka haɗa wa jama'a, a ƙara mataki ɗaya. A kwanonmu na ɗazu, nauyin komai da komai giram 1,050 ne, kalori 1,480, wato kusan 141 a kowane giram 100. Da zarar an san wannan, kowa ya auna abin da ya zuba a farantinsa: giram 200 kalori 282, giram 120 kalori 169. Idan hannu ɗaya ne ke haɗa salak ɗin gidan kullum, ba sai an maimaita lissafin kowane lokaci ba. A yi shi sau biyu ko uku, a ajiye shi a manhaja a matsayin girkin gida, a ci gaba da amfani da shi har ranar da aka canza mahaɗi.

Hanya ta uku ita ce neman abincin da sunansa a manhaja, irin MyFitnessPal ko Cronometer, a zaɓi abin da ya fito. Ita ta fi sauri, ita kuma ta fi yaudara, kuma tana yaudara ta fuska biyu. Idan ka rubuta `garden salad` ko `mixed salad`, abin da zai fito galibi ganye ne zalla, kalori 20 zuwa 40, babu mahaɗi ko ɗigo. Ka zaɓe shi alhali naka fari fat ne da bama, ka yi asarar lissafin kalori 200. Idan kuma ka rubuta `coleslaw`, an riga an haɗa da mahaɗin a ciki. Ka sake ƙara bama a kai, ka ƙirga ta sau biyu, ka hana kanka abincin dare a banza. Hanyar ganewa ita ce a duba layin mai. Salak giram 100 da aka ce manshi bai kai giram 1 ba, ganye ne tsirara. Wanda aka ce yana da giram 10 zuwa 15, da mahaɗinsa ya zo. A tuna kuma cewa a wasu manhajojin, masu amfani ne da kansu ke shigar da bayanai da yawa, shi ya sa za ka ga mayonis iri ɗaya da lambobi uku mabambanta. Idan kwalbar tana hannunka, abin da ke jikinta ya fi abin da ke cikin waya.

Karanta jikin kwalbar ma yana da tarkonsa. Wasu suna ba da lamba a kan giram 100, wasu a kan "ɗiba ɗaya" da kamfani ya yanke, wadda ga mayonis cokali ɗaya ce, ga mahaɗan salak na Amurka kuma cokali biyu. Ka ga 90 a wannan, ka ga 300 a wancan, ka ɗauka na farkon ya fi sauƙi, ashe 90 ɗin na giram 14 ne, 300 ɗin na giram 100. Kafin a kwatanta kwalba biyu, a mayar da su ma'auni ɗaya. Sannan akwai `kJ` da `kcal`: kayan Turai suna rubuta duka biyun, kuma `kcal` ita ce kalorin da ake nufi. Mayonis mai `kcal` 680 za ta nuna `kJ` wajen 2,845, domin kowace `kcal` ɗaya tana daidai da `kJ` 4.184. Idan rubutun ya goge ko bai gamsar da kai ba, duba jerin kayan haɗi, wanda ake jerawa daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan mai ne a farko, cikakkiya ce. Idan ruwa ne a farko, mai rangwame ce ko da ba a rubuta ba. Wannan yana da amfani a kasuwanninmu, inda kwalabe da yawa ke ɗauke da sunan mayonis amma yawan mansu ya sha bamban.

Idan ba kai ka zuba ba

A wajen mai shawarma, ko a biki da aka miƙo maka abinci a rufe, sikeli ba shi da amfani. Ƙiyasi ne dole, kuma ƙa'idar ita ce a karkata sama, domin mai sayarwa yana zuba mahaɗi ne don abin ya yi daɗi a dawo gobe. Duba yadda ake yi: a shimfiɗa biredin, a shafe shi da mahaɗi, a zuba kabejin da shi ma an riga an juya shi da bama, a sa nama, a sake matsa wani layi a sama kafin a naɗe. Sau uku ke nan. Rubuta cokali uku na bama, wajen kalori 280 zuwa 300, ya fi kusa da gaskiya fiye da rubuta ɗaya. Idan kana ci yana ɗiga ta ƙasan takardar, ƙara. Amma a nan ma a kula da ƙirga sau biyu: idan ka zaɓi shawarma sukutum daga manhaja, akwai yiwuwar an sa mahaɗi a ciki, sai dai ka ƙara bambancin kawai.

Abin da ya fi ƙiyasi shi ne a sa baki tun kafin a naɗe. "Malam, kar ka shafa a biredin, na saman kawai ya isa, ka ƙara min yaji." Babu mai shawarmar da zai ƙi, bamarsa ce ta yi saura. A gidan abinci kuma a ce a kawo mahaɗin a gefe cikin ɗan kofi. Amfaninsa biyu: ido yana ganin adadin, kuma idan ana tsoma bakin cokali mai yatsu a ciki kafin a soki ganye, akan tashi an bar fiye da rabi, ba tare da an ji an rasa ɗanɗano ba. Ƙananan ƙunshin mayonis na leda su ma alheri ne ga mai lissafi, tunda nauyinsu a rubuce yake. Na giram 12 yana da wajen kalori 80.

Yadda za ka gane ko nan ne lissafinka ke zuba

Alamar farko sananniya ce: littafi yana nuna an rage kalori 500 a kowace rana, mako uku ko huɗu sun wuce, nauyi bai motsa ba. Dalilai suna da yawa, daga man girki zuwa shayi mai sukari zuwa ruwan da jiki ke riƙewa, kuma rage lissafi ba halin wasu tsiraru ba ne. Wani bincike da aka buga a mujallar likitanci ta New England a 1992 ya bi wasu mutane da ke cewa suna cin abinci kaɗan amma ba sa ramewa, ya gano sun rage abin da suka ci a rahotonsu da kusan kashi 47 cikin ɗari, ba kuma da niyyar yaudara ba. Mutanen ba su da yawa, amma darasin ya zauna. Salak ɗaya irin na sama a rana, da sanwic mai cokali ɗaya mai tozo da safe, sun kai kalori 350 zuwa 400 da ba a rubuta ba. Daga 500 ɗin da ake zaton an rage, saura ɗari da ɗan kai, wanda sikelin banɗaki ba zai nuna shi a wata guda ba cikin hawa da saukar ruwan jiki.

Don a tabbatar ko bama ce ko ba ita ba, akwai gwaji mai sauƙi. Ranar da aka buɗe sabuwar kwalba, a rubuta kwanan wata a murfinta. Ranar da ta ƙare, a koma littafi a tara duk bamar da aka rubuta a tsakanin. Kwalba mai giram 450 tana ɗauke da kalori sama da 3,000. Idan kai kaɗai ke amfani da ita, ta ƙare cikin kwana goma sha biyar, littafinka kuma ya nuna giram 150 kacal, to giram 300 sun shige ba a gaishe su ba: kalori 2,040, wato 136 kowace rana. Idan gidan da yawa ne, gwajin ba zai yi kaifi haka ba, sai dai ka ware taka ƙaramar kwalbar na ɗan lokaci.

To wanne za a ɗauka

Wanda ke cin salak ko sanwic kusan kullum kuma a gida ake haɗawa, sikeli da auna kwalba ne nasa, aƙalla na mako biyu ko uku, har idonsa ya koyi kamannin giram 15 da na 30 a kan cokalin gidansu. Bayan nan yana iya komawa ƙiyasi, ya riƙa gwada kansa jefi-jefi, domin hannu yana ƙara nauyi a hankali ba a sani ba. A mahaɗi, idan shi kaɗai ne kuma yana jure tsami, mai da lemon tsami da aka auna da cokali ya fi kowanne sauƙin kalori. Idan da iyali ake ci, rabi bama rabi yogot ya fi ɗorewa.

Wanda ba ya son yogot kuma ba ya son sauya ɗanɗano, ya bar cikakkiyar bamarsa ya rage adadi: giram 80 maimakon 150 a kwanon mutum biyar, a tsinka ta da ɗan lemon tsami da cokalin ruwa don ta game. Kalori 544 ke nan, kusan daidai da na sirki da yogot. Kirim ɗin salak da mayonis mai rangwame suna da kyau ga wanda zai riƙe adadin da ya saba. Ga wanda ya san hannunsa yana da nauyi, ba za su yi masa abin da yake zato ba.

Wanda kuma yawancin cinsa a waje ne, sayen sikeli ba zai magance masa komai ba. Nasa shi ne neman a kawo mahaɗi a gefe, da rubuta cokali uku duk inda bai ga zubawar da idonsa ba. Kecaf kuwa, in ba sukari ko gishiri likita ya ce ya kula da su ba, ya rubuta kalori 40 duk ranar da ya ci dankali.